Fastar da ke cewa a ɗaga leɓe

Duk wanda ya yi aikin haƙori a yankin Rano ya san yadda yara ke zuwa mana: kunci a kumbure, uwa ba ta runtsa ba, haƙori ya riga ya yi kogo. Shi ya sa da aka ɗora mini shirya fastar da za mu liƙa a ɗakin jira, na ƙi sa hoton ruɓaɓɓen haƙori. Iyaye sun san shi. Farkon ciwon ne ba su sani ba.

Hoto ɗaya muka sa, babba: yatsan uwa ya ɗaga leɓen yaro na sama. A gindin haƙoran gaba, dab da dasashi, akwai farin layi kamar an goga alli. Ruɓewa ke nan a matakin farko, kuma a nan kaɗai ake iya mayar da ita baya ba tare da ciko ba. In ya koma ruwan ƙasa ya rufta, sai asibiti.

Wata baiwar Allah daga Kibiya ta tsaya gaban hoton, ta juya ta ɗaga leɓen ɗanta mai shekara uku. Haƙora huɗu na sama sun ruɓe, na ƙasa lafiya lau. Ta ce, "Likita, ai ba na ba shi alewa." Na ce, "Hajiya, da me yake barci?" Ashe shayi ne mai sukari a fida. Da dare yawu yana raguwa, zaƙin ya kwana a kan haƙoran sama, ƙwayoyin cuta su mai da shi tsami mai cin haƙori. Na ƙasa kuwa harshe ne ke kare su. Yawan maimaita zaƙi a yini ya fi yawansa a zama ɗaya ɓarna.

Ƙasan fastar muka zana buroshi biyu. Kafin shekara 3, makilin mai fuloraid gwargwadon ƙwayar shinkafa; daga 3 zuwa 6, kamar ƙaramin wake. Sau biyu a rana, na dare ya fi muhimmanci, babba ne zai goge, yaro ya tofar kada ya kuskure. Ban soki asuwaki ba, yana share datti, amma ba ya maye gurbin makilin.

Masu cewa ai haƙoran za su fita in yaro ya yi famfara, mun ba su layi guda: turmin da ke fitowa can ƙurya wajen shekara 6 na dindindin ne.

Sai dai mai zuwa wurinmu ya riga ya makara. Fastar ta fi aiki da muka rubuta ta da boko da ajami, muka kai ta ɗakunan rigakafi, inda uwa ke zaune da jariri a cinya, haƙoransa na farko na shirin fitowa.