Kwana goma sha uku na maganin zazzaɓi

A makarantar koyon aikin lafiya ta Makarfi, wadda daga baya aka sa wa sunan Sarkin Zazzau Shehu Idris, an koya mana allura da awon ciki da ɗaure ciwo. Lissafin sito kuwa a bakin aiki na koye shi, a wani ƙaramin asibitin ƙauye da ke tsakanin Makarfi da Ikara, a hannun wani dattijo da shi ne shugabanmu, kowa kuma Baba yake ce masa. Ya yi aiki tun zamanin tsarin Bamako na 1987, lokacin da ake sayar da magani a juya kuɗin a sayo wani, ya kuma ga zuwan magungunan PTF da tafiyarsu. A zamanin can akan zubo kulorokwin daga babban gwangwani a ƙirga wa mutum a takarda. Da Nijeriya ta bar kulorokwin a wajen 2005 ta koma maganin da jama'a ke kira Kowatem, aikin sito ya sake kama, domin shi wannan a fakiti yake zuwa, kashi huɗu, gwargwadon nauyin mai sha: ƙwaya 6 ga yaro mai kilo 5 zuwa 14, sai ƙwaya 12, sai 18, sai 24 ga babba. Kowane kashi da katinsa a sito, kowanne kuma da ranar da yake ƙarewa.

Tsarin da aka ɗora mu a kai ba shi da wuyar ganewa. Duk wata biyu mukan cike fom mu aika: abin da muka fara da shi, abin da aka kawo, abin da muka bayar, abin da ya lalace, da abin da ya rage a kanta. Ana so kayan da ke hannunka su kai na wata huɗu idan an cike maka, kada kuma su sauka ƙasa da na wata biyu. Ana gane haka ne ta hanyar ɗaukar matsakaicin abin da aka sha a watannin baya, a raba abin da ke kanta da shi, sai adadin watannin da kaya za su kai ka ya fito. Lissafin daidai ne a watan da ciwo yake tafiya bai ɗaya. Amma zazzaɓin cizon sauro a ƙasarmu ba ya tafiya bai ɗaya. Daga Janairu zuwa Afrilu layin yara gajere ne, in ban da ƙauyukan da ke bakin fadamun rake da lambunan tumatir. Ruwa na zama sosai a Yuli, kududdufai su cika, masara ta rufe bayan gida, sai layin ya fara tsawo, ba kuma zai sauka ba sai bayan an shiga kaka.

Daminar da nake son ba da labarinta, katin fakitin yara mai ƙwaya 6 ya nuna mun bayar da 150 a Mayu, 210 a Yuni, 240 a Yuli. In ka haɗa ka raba uku, 200 ke nan a wata. Ranar 1 ga Agusta muna da fakiti 300 a kanta, don an ɗan ciko mana a ƙarshen Yuli. Duk wanda ya dubi takardar daga ofis zai ce muna da kayan wata ɗaya da rabi, wato za mu kai tsakiyar Satumba, lokacin da ake sa ran mota za ta zo. Mun ɗan yi ƙasa da ƙa'ida, amma ba abin tayar da hankali ba ne.

Baba bai yarda ba. Da yamma bayan an sallami jama'a ya sa na ɗauko katin da babban rajistar marasa lafiya, ya ɗora yatsa a kan Yuli.

"Ɗana, kwana nawa kantar nan ta yi babu komai a watan nan?"

Na bi layin ragowa na ƙirga inda aka rubuta sifiri. "Kwana goma ne, Baba."

"To a kwana nawa aka sha 240 ɗin?"

A nan ne na fara ganin abin da yake nufi. Fakiti 240 ɗin a cikin kusan kwana ashirin aka shanye su. Fakiti 12 ke nan a rana, wato da magani bai yanke ba da Yuli ya ci wajen 360. Yaran da suka zo a kwana goman nan suna nan a rajista da sunayensu da zafin jikinsu, amma katin sito bai san da su ba, don an rubuta wa iyayensu takarda ne sun tafi kemis. Wannan shi ne ramin da na fi jin tsoro a duk aikin sito, kuma har na bar aiki ina ganin ana faɗawa cikinsa. Asibitin da maganinsa ya yanke yakan ba da rahoton cewa ya sha kaɗan, sai a aiko masa da kaɗan, sai ya sake yankewa da wuri fiye da na baya. Wanda ya fi kowa buƙata shi takarda ke nunawa kamar mai ƙoshi.

Ko 360 ɗin ma labarin Yuli ne, mu kuwa muna cikin Agusta. Baba ya ce mu bar matsakaicin wata mu koma ƙirgen kwana. Daga 1 zuwa 7 ga wata mun bayar da fakiti 105, wato 15 a rana. Muka shiga sito muka ƙirga da hannu, don bai taɓa yarda da abin da kati ya faɗa ba sai ya taɓa kwalin. Muka sami 195. Raba 195 da 15, kwana 13. Maganin yara zai ƙare wajen 20 ga Agusta, in ma layin bai ƙara tsawo ba, alhali kowa ya san zai ƙara. Tsakanin wannan rana da zuwan mota akwai fiye da mako uku, a tsakiyar watan da yara suka fi suma da jijjiga.

Kafin ya rubuta komai sai da ya binciki kanmu. Ya sa na ƙirga yaran da gwajin jinin nan na ɗan yatsa ya nuna suna da zazzaɓin a makon, mu gwada da fakitin da aka bayar. Lambobin biyu suka zo kusa da juna. Dalilinsa shi ne, idan kayan gwaji suka yanke, ma'aikaci yakan ɗauki duk zafin jiki a matsayin cizon sauro, ya ba mai mura, ya ba mai ciwon kunne, sai shan magani ya yi tsalle ba don ciwon ya ƙaru ba. Haka kuma idan fakitin da ya fita ya zarce yawan marasa lafiya da nisa, to akwai inda magani ke yoyo. Ya san tambayar farko da za a yi mana ke nan, ya kuma fi son amsar ta kasance cikin takardar tun kafin a tambaya.

Rahoton bai cika shafi ɗaya ba. Ni na rubuta, shi yana faɗa. Sunan magani da kashinsa, abin da aka ƙirga da ranar ƙirgen, abin da ake sha a rana, ranar da zai ƙare, kwanakin da kanta ta yi babu kaya a Yuli, da adadin da muke nema: fakiti 400, wanda zai riƙe mu daga 20 ga Agusta zuwa tsakiyar Satumba da ɗan rara. Na so in ƙara bayanin halin da iyaye mata ke ciki, ya ce a'a. A ganinsa mai karanta takarda a ofis yana da irinta tuli a gabansa, kowacce tana kukan magani ya kusa ƙarewa, kuma wadda ta faɗi rana da adadi ita ce za a iya yi wa wani abu.

Ya ƙara layi ɗaya a ƙasa wanda sai daga baya na san nauyinsa. Ya rubuta cewa idan na yara ya ƙare za mu koma yanka na manya, don haka a sa ran na manyan ma zai bi shi. Ƙwayar iri ɗaya ce a duk fakitin, saboda haka fakiti mai 24 yakan ishi yara huɗu idan aka sa almakashi. Ana yi, kuma ya fi a mayar da yaro gida hannu rabbana. Sai dai yana da tsada ta fuska biyu. Ta farko, zanen da ke jikin fakitin yara, wanda ke nuna wa uwar da ba ta karatu ƙwaya ɗaya safe ɗaya yamma har kwana uku, ya tafi, sai ka tsaya ka yi bayani sau biyu, ka kuma sa ta maimaita maka. Ta biyu, kati yakan rikice: na yara ya nuna sifiri, na manya ya nuna kamar annoba ta faɗa wa magidanta. In ba ka rubuta a gefe cewa yankawa aka yi ba, zagaye na gaba za a loda maka na manya a rage maka na yara.

Na kai takardar a kan babur. Babban sito ba shi da abin bayarwa a lokacin, don rabon yana zuwa ne daga sama a kan lokacinsa. Amma jami'in da ke kula da harkar zazzaɓi yana da rahotannin duk asibitocin yankin a teburinsa, ya kuwa san wani asibiti da ke kan tudu, mai ƙarancin jama'a, da aka jibge wa fakitin yara har wasu sun kusa lalacewa. Aka rubuta takardar mayar da kaya daga can zuwa wurinmu, shugabannin asibitocin biyu suka sa hannu, kowa ya shigar a katinsa. Mun samu 250. Muka sa su a gaban kanta, namu a baya, don su ne masu kusan lalacewa. Suka kai mu makon farko na Satumba. Daga nan muka shiga yankan na manya har mota ta iso, kuma a fom ɗin da ya biyo baya Baba ya sa an rubuta kwanakin yankewar da adadin fakitin da aka yanka.

Abubuwa sun canja tun daga lokacin. Jihar Kaduna tana da hukumar da ke saye da raba kayan asibiti, KADHSMA, rahoto kuma yanzu a kwamfuta ake shigar da shi. A 2022 jiragen Zipline marasa matuƙi suka fara tashi da magani daga Pambegua. Ana kuma bin gida-gida da damina ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya duk wata, abin da ke rage layin Agusta. Ina murna da duk wannan, don na san abin da rashinsa ya jawo. Abin da nake roƙon yaran da ke riƙe da sito a Hunkuyi da Gimi da Paki da sauran wurare shi ne su riƙa cike gurbin kwanakin yankewa, kada su bar shi fayau, kuma daga Yuli zuwa Oktoba su riƙa ƙirga fakitin yara duk mako su raba da abin da aka sha a rana. Kwamfuta tana lissafi ne da abin da aka ba ta, kuma idan aka ba ta 240 ba tare da kwana goman nan ba, kayan wata ɗaya da rabi za ta nuna ita ma.