Gwangwani ɗaya na tukunya ne

Yawancinmu mazauna Gwallameji ba a kan gas muka koyi girki ba. Wata daga Dass ta zo, wata daga Azare, wata daga Jos ko Gombe, kowacce da hannun da uwarta ta koya mata a gaban murhun icce ko na gawayi. Shi garwashi yana da wani hali da ba mu cika lura da shi ba: da kansa yake lafawa. Kafin shinkafa ta tsotse ruwa wutar ta yi sanyi, sai ta ƙarasa nuna a hankali ko da mai girkin tana can wajen wanki. Gas ba ya haka. Inda kika bar makunnin, nan zai tsaya har silinda ta ƙare. Shi ya sa a gidajen hayar nan namu, musamman ɗakunan ɗaliban Foliteknik, da rana tsaka za ki ji ƙauri na tashi, in an buɗe tukunyar kuma ƙasa ya ƙone, sama da sauran tauri. A yau da mudun shinkafa da kilon gas duk suka zama abin lissafi, ƙanzon da ake kankarewa a zubar kuɗi ne.

Shinkafar da nake magana a kai ita ce mai dogon ƙwaya wadda aka yi wa gumi, ko ta buhu ce 'yar kamfani ko 'yar Hausa da ake aunawa a kasuwar Muda Lawal ko Wunti. Gumi shi ne a jiƙa shanshera, a turara ta, a shanya ta bushe, sannan a kai inji a cashe. Turarawar nan tana dafa garin da ke cikin ƙwayar, in ta bushe sai ya daskare ya yi tauri, shi ne kike ganin ta da ɗan ruwan ɗorawa tana ƙyalli. Don haka ta fi ɗanyar shinkafar tuwo shan ruwa da daɗewa a wuta, amma kuma ba ta saurin caɓewa. Abin da take so shi ne lokaci, kuma babbar wuta ba ta rage mata wannan lokacin.

Kowa ya san awon da ake faɗa: ɗaya na shinkafa, biyu na ruwa. Gaskiya ne, amma ga ƙaramin girki. Ruwan da kika zuba gida biyu yake rabuwa. Akwai wanda ƙwayar ke sha, akwai wanda ke ficewa ta gefen murfi ya bi iska. Na farko yana ƙaruwa da yawan shinkafa. Na biyu babu ruwansa da yawan shinkafa, faɗin tukunya da ƙarfin wuta da zaman murfi ne ke yanke shi. Ni da gwangwanin madara nake awo, kuma abin da ya zauna mini a tukunyata shi ne: kowane gwangwani 1 na shinkafa a ba shi gwangwani 1 da rabi na ruwa, sannan a ƙara gwangwani 1 a kan jimlar. Wannan na ƙarshen nake kira rabon tukunya. In gwangwani 2 za ki dafa, ruwa 3 ne da rabon tukunya, ya zama 4, kin ga ya yi daidai da awon da aka saba. In 4 ne, ruwa 7. In 8 ne, ruwa 13, ba 16 ba.

Wata ƙanwata da ke aure a nan bayan layinmu ta gamu da wannan a Sallar layya da ta wuce. Ita da maigidanta gwangwani 2 suke dafawa da ruwa 4, kullum tana fitowa wara-wara. Ranar da dangin miji za su zo ta auna 8, ta ninka ruwa ya zama 16. Bayan minti 25 shinkafa ta nuna, ga ruwa kwance a ƙasa. Sai ta buɗe murfi ta ƙure wuta don ya ƙone, tana juyawa. Ƙasa ya kama, tsakiya ya zama kamar za a tuƙa tuwo. Ta aiko yaro a guje, da na je ta ce, "Yaya, wallahi awona na kullum na yi, shinkafar ce ba ta da kyau." Na ce mata buhun nan dai shi ne na jiya. Ta ba tukunya rabo huɗu alhali ɗaya take ci, ko ɗaya da rabi tunda babba ce. Gwangwani 2 da rabi zuwa 3 na ruwa sun rasa inda za su, sai suka koma cikin ƙwayar da ta riga ta ƙoshi. Da a lokacin da ta ga ruwan ta juye shinkafar a matsami ta tsane, ta mayar tukunya ta rufe a kan ƙaramar wuta na minti 5, da ta tsira. Muka ceci ta saman, ta ƙasan kuma da daddare aka ƙarasa tuƙe ta aka ci da miyar kuka.

Ga yadda nake yi da gwangwani 4. Ina wanke shinkafar sau 2 ko 3 har ruwan ya washe, in 'yar Hausa ce in rege tsakuwa, sannan in zuba a matsami ta tsane sosai, don ruwan wankin da ya maƙale shi ma yana shiga lissafi. Ina auna ruwa 7 a tukunya, in sa gishiri, in rufe, in buɗe wuta sosai. A nan kaɗai babbar wuta ke da amfani, ita ma kada harshenta ya zarce gindin tukunya yana lasar gefe, wannan zafin iska yake dumamawa. Da ya tafasa nake zuba shinkafa, ba na barin sa yana ta tafarfasa ina wani aiki, in ba haka ba rabon tukunya ya tafi tun kafin a fara. In juya sau ɗaya, in jira ya sake tafasowa, sai in rufe in murɗa makunnin ƙasa har harshen ya zama ɗan shuɗin zobe, gab da mutuwa amma a tsaye. Daga nan minti 20 zuwa 25 ba buɗewa, ba juyawa.

Mutane da yawa hankalinsu ba ya kwanciya da wannan ƙaramar wutar, gani suke abincin zai daɗe. Amma ruwa in ya tafasa ya kai iyakar zafinsa, wajen digiri 100, duk wutar da aka ƙara masa ba ta sa ya fi haka zafi. Tururi kawai take mayar da shi da sauri. Wato da babbar wuta kina sayen gas ne don ki kori ruwan da kika saya wajen ɗan garuwa. Ruwan ya ƙare a minti 12, ƙwayar kuma minti 20 take buƙata, sai a ƙara ruwa, ya sake ƙonewa, a sake ƙarawa. A haka bayan ƙwayar ke lalacewa cikinta da saura. Alamar wuta ta yi daidai ita ce ɗan siririn tururi na fita ta gefe ɗaya. In murfi na rawa yana ƙara, ko kumfa na zubowa kan gas, ta yi yawa.

Kunne ya fi ido amfani a nan. Muddin akwai ruwa za ki ji ɓul-ɓul a hankali. In ya ƙare sautin sai ya koma ƙas-ƙas, siriri, kamar ana taka busasshen ganye. To lokacin kashewa ya yi. Ki buɗe sau ɗaya: saman zai yi ƙananan ramuka, in kika karkata tukunyar ba ruwan da zai gangaro. Ki murje ƙwaya ɗaya a yatsa. In akwai ɗan tauri kaɗan a tsakiya, ba komai, ki rufe ki kashe ki bar ta minti 10, tururin da ke ciki zai ƙarasa aikin, gas ɗinki na ajiye. In taurin da yawa ne, ki yayyafa rabin gwangwani na ruwan zafi, ba na sanyi ba, ki rufe minti 5. In kuma ta kama, kada ki juya, juyawa ce ke raba ƙaurin ga duk tukunyar. Ki kwashe ta sama zuwa wani mazubi ki bar ƙanzon a inda yake.

Masu ƙaramar silinda mai kilo 3 ko 6, wadda ake ɗora tukunya a kanta kai tsaye, suna da tasu matsalar. Wutarta wuri ɗaya take bugawa, tukwanen da ɗalibai ke saya kuma marasa kauri ne, sai tsakiya ya ƙone gefe bai ji ba. Maganin shi ne bayan an rage wuta a sa tsohon kaskon suya mai faɗi tsakanin wuta da tukunya, ya baza zafin. Murfin da ba ya zama kuma a danne shi da wani abu mai nauyi. Ledar da wasu ke shimfiɗawa a kan shinkafa don ta riƙe tururi, ni dai ba na so, roba ce a cikin zafi a kan abin da za a ci. Sai maganar iska. Da yawa a baranda muke girki, kuma in hunturu ya shigo iska kan kashe ƙaramin harshen gas na ci gaba da fita. A kare wajen da kwano ko bango, kada a kare da kwali ko zani, kuma a riƙa leƙawa. Harshen da ya koma ja yana baƙanta tukunya alama ce ramukan kan gas sun toshe, yawanci da kumfar shinkafar da ta zubo. A bari ya huce a goge, a zokale ramukan.

Awon nan ba aya ba ce. Sabuwar shinkafa da ke shigowa bayan kaka tana da sauran danshi, takan so a rage mata kamar rabin gwangwani a cikin 7. Wadda ta kwana biyu a rumbu ko a shago takan nemi ƙarin rabi. 'Yar Hausa kuma hannun masu gumi ya bambanta, wata an turara ta sosai, wata sama-sama. Saboda haka duk lokacin da sabon buhu ko sabon awo ya shigo gida, girkin farko ki yi shi da gwangwani 2 kawai, a tukunyar da kika saba, ki duba agogo. In ta yi laushi fiye da yadda kike so, gobe ki rage. In ta yi tauri ki ƙara. Abin da ya fito daidai ki riƙe shi har buhun ya ƙare, in ma da mai taya ki girki, ki rubuta mata da gawayi a jikin bangon kicin.