An Kwace Min Gmail, Canza Kalmar Sirri Bai Isa Ba

1/ Wallahi na zaci magana ta ƙare. An shiga Gmail ɗina, na canza kalmar sirri, na kwanta. Ashe ɓarawon bai fita ba.

2/ Bayan sati biyu wata kwastoma ta kira: "Na turo rasidin kuɗin atamfa, shiru?" Ban ga komai ba.

3/ Na buɗe Gmail a kwamfuta, don manhajar waya ba ta nuna wannan saitin. A Settings, ƙarƙashin "Forwarding and POP/IMAP", ga baƙon adireshi. Ana tura masa saƙonnina.

4/ A "Filters and Blocked Addresses" kuma ya saka doka: duk saƙon da ke da kalmar "receipt" a tura masa, a goge nawa. Sabuwar kalmar sirri ba ta taɓa wannan. Na goge duka biyun.

5/ Sai myaccount.google.com, sashen Security. A "Your devices" na fitar da wayar da ban sani ba, na cire wata manhaja mai izinin karanta saƙonnina.

6/ Rasidin kuwa yana Trash. Bayan kwana 30 da ya tafi. Jama'a, ku duba naku yau.