Shafi Tara a Kan Mahaifina

Bayan azumin bara na rubuta shafi tara a kan shekarar da mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya yi karayar arziki a cinikin hatsi, tun zamanin tsohuwar kasuwa, kafin a koma Kasuwar Kure. Da ajami na rubuta, a bayan littafin bashi na shago. Mai kula da wannan mujalla ya ji labari, ya ce in kawo a buga. Wata huɗu ina juya maganar.

Abin da ya tsayar da ni shi ne labarin ba nawa ba ne ni kaɗai. Akwai wani mutum a ciki da ya karɓi buhu sittin na masara bashi, bai biya ba har Baba ya kwanta ciwo. Kwana uku kafin rasuwarsa Baba ya yafe masa a gaban shaidu biyu. Yau 'ya'yan mutumin suna bin ni salla a sahun gaba. In na buga, ai na ta da bashin da mai shi ya binne.

Wani aboki ya ce, "Malam, ka cire suna mana." A Sauka Kahuta? Na gwada. Na karanta wa maƙwabcina sakin layin ba suna, ban kai ƙarshe ba ya faɗi gidan. Ka ce masara, ka ce shekara, to ka gama nuna mutum da yatsa.

Na koma Riyadus Salihin, inda Imam Nawawi ya kawo wurare shida da aka halatta ambaton aibin mutum, kamar kai ƙara, neman fatawa da gargaɗin jama'a. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, babu "don zuciyata ta huce" a ciki. Gargaɗi kam yana nan, amma gargaɗi ba ya bukatar wancan gidan.

Sai na raba rubutun. Shafi biyu a kan yadda muka biya bashin da ake bin Baba kafin rabon gado, da amfanin rubuta bashi da kafa shaidu kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarta, su na miƙa wa mujalla, bayan Yaya ya duba ya amince. Shafi huɗu na jinyarsa na karanta wa 'yan'uwa da baki a ɗakin Hajiya, ban bar kowa ya ɗauki hoto da waya ba. Hajiya ta gyara mini wuri biyu, ta ce wani wurin kuma in tsallake, na tsallake.

Sauran ukun, masu maganar masara, suna cikin akwatin littattafaina. Na rubuta a samansu cewa in na rasu Yaya ko babban ɗana ya ƙone su.