Alamar da na yi gaggawar sharewa

Lokacin da nake rubuta kundin digirina na biyu, wani dattijon malami ya amsa mini tambayoyi shida ta imel. Da na kwafo saƙon zuwa Word, sai ya fito a kakkarye: kowane layi yana tsayawa bayan haruffa kimanin 72, ko jimla ta ƙare ko ba ta ƙare ba, wasu layukan kuma suna ɗauke da alamar > a goshinsu.

Karyewar layi ba ta da wuyar magani. Da na danna ¶, na ga Word ya ɗauki kowane layi a matsayin sakin layi mai zaman kansa, ainihin sakin layin kuwa alama biyu ce a jere. Saboda haka a akwatin Replace na fara ɓoye tagwayen, na mayar da sauran fili guda, sannan na dawo da su:

```
^p^p  →  @@@
^p    →  (fili guda)
@@@   →  ^p
```

Wanda ya fara da mataki na biyu, saƙonsa zai dunƙule ya zama curi ɗaya.

Kuskurena yana ga alamar >. Na ɗauke ta datti ce, na share ta gaba ɗaya tun farko, alhali ita kaɗai ke raba tambayoyina da amsoshinsa. Bayan makonni, na tsinci wata jimla a babi na huɗu da na jingina wa malamin, har ina jin daɗin yadda ra'ayinmu ya zo ɗaya. Ashe jimlata ce. Sai da na koma kan imel ɗin asali, na bi shi layi-layi ina shafa wa kalmomina launi, kafin na sake share ko alama ɗaya.