Labarin shawara guda a gaban masu ɗaukar babban injiniya

A ganawar ɗaukar babban injiniyan manhaja akwai tambayar da kusan ba ta wucewa: a ba da labarin wata shawara mai wuya da aka taɓa yankewa a wurin aiki. Mafi yawan masu neman aikin sukan mayar da ita tambayar nasara, su jero sunayen kayan aikin zamani, su rufe da cewa komai ya tafi daidai. Masu tambayar kuwa kunnensu na wani wuri. Suna so su ji abin da aka sadaukar domin a samu abin da aka samu, da wanda ya ɗauki nauyin asarar, da kuma halin da za a shiga a warware shawarar. Labarin da babu asara a cikinsa yakan nuna cewa mai ba da shi bai tsaya kusa da shawarar ba.

A ɗauki misalin wata injiniya da ta yi shekara takwas a wani kamfanin biyan kuɗi ta waya. Da aka yi mata tambayar, sai ta fara da matsalar da duk mai tura kuɗi a Najeriya ya sani. Mutum ya danna biya, saƙon ya isa kwamfutocin kamfanin, an cire kuɗin, amma sabis ya ɗauke kafin amsa ta komo wayarsa. Manhajar wayar ba ta san an biya ba, sai ta sake tura buƙatar, a sake cire kuɗin. Ta ce ƙungiyarta mutum biyar ne, kuma mako shida ya rage a shiga watan azumi, lokacin da cinikinsu ke ninkawa.

Wannan buɗewar ta riga ta yi rabin aikin. Yawan ma'aikata da wa'adin da aka ba su su ne ma'aunin da za a auna duk abin da zai biyo baya, domin babu shawarar da ke da kyau ko muni sai an san hannun da za su aiwatar da ita da lokacin da suke da shi.

Hanyoyi biyu ne a gabansu. Wani matashin injiniya mai shekara biyu a aiki ya kawo shawarar a saka Kafka, tsarin jera saƙonni da aka ƙirƙira a LinkedIn aka sake shi ga kowa a 2011, domin kowace buƙatar biya ta bi layi. Ita kuma ta fi karkata ga abu mai sauƙi: wayar ta ƙirƙiri lamba ta musamman ga kowane biya, ta riƙa turo ta duk sanda ta sake gwadawa, rumbun bayanansu na PostgreSQL kuma ya ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu. Dabarar sananniya ce, ita ce Stripe ke amfani da ita ta hanyar `Idempotency-Key`. Zuciyarta layi uku ne:

```sql
INSERT INTO payments (idempotency_key, amount, status)
VALUES ($1, $2, 'pending')
ON CONFLICT (idempotency_key) DO NOTHING;
```

Idan buƙata ta biyu ta zo da lambar da aka taɓa gani, ba a rubuta komai, ba a kuma taɓa banki, sai a mayar wa wayar sakamakon biyan farko.

Ɗaya daga cikin masu tambayar ya katse ta: “Injiniya, to me kuka rasa?” Ta ce abu biyu. Na farko, tsofaffin manhajojin da ke wayoyin jama'a ba sa turo lambar, kuma ba kowa ke sabunta manhaja ba, musamman mai tsimin data, saboda haka wasu kwastomomi sun ci gaba da fuskantar cirar kuɗi sau biyu har tsawon makonni. Na biyu ya fi zafi. Idan kwamfutar kamfanin ta mutu bayan an aika wa banki umarni amma kafin a rubuta sakamakon, biyan zai maƙale a `pending`, ba wanda ya san ko kuɗin ya fita. Dabarar tata ba ta magance wannan ba. Dole ma'aikatan lissafi su riƙa gwada irin waɗannan da bayanan banki kowace safiya, kuma ta je ta gaya wa shugabarsu hakan tun kafin a fara, ta nemi amincewarta. Nan ne jagorancin ya bayyana, domin ta san wanda zai biya kuɗin shawararta, ta kuma same shi da kanta kafin nauyin ya faɗo masa.

Sashen da ya fi jan hankalin masu tambayar shi ne abin da ta yi da matashin. Tana da ikon cewa a'a a taro guda, a wuce wurin. Maimakon haka ta ba shi kwana biyu ya rubuta takarda shafi ɗaya, irin wadda Michael Nygard ya bayyana a 2011 domin adana shawarwarin tsarin manhaja: halin da ake ciki, abin da aka zaɓa, da abin da zaɓin zai haifar. Ta haɗa masa da tambaya guda: “Malam, bi min saƙon daga wayar har zuwa banki, ka nuna min daidai wurin da ya zama biyu.” Da ya zana hanyar sai ya gani da idonsa cewa saƙon ya rabu biyu tun kafin ya iso layin. Kafka zai karɓi duka biyun a matsayin saƙonni daban, ya jera su da kyau, a cire kuɗin sau biyu cikin tsari. Ko da sun saka shi, sai sun nemi lambar nan ta musamman, ga kuma sabon tsari da mutum biyar za su riƙa gadi dare da rana ba tare da ɗayansu ya taɓa riƙe shi ba.

Kwana biyu daga cikin mako shida ba ƙaramin abu ba ne, kuma ta faɗi haka. Ta sayi fahimtar yaron da lokacin da take da ƙarancinsa, bisa lissafin cewa wanda aka rinjaya da muƙami zai dawo da shawarar nan bayan wata uku, wanda kuwa ya gano gibin da kansa zai iya gano irinsa a wani aikin. Shi ya rubuta gyaran, shi ya gabatar da shi ga sauran ƙungiyar, kuma ta bar wani ɓangare na tunaninsa a takardar, domin yana da gaskiya a wuri guda: ranar da sassa da yawa na kamfanin za su buƙaci labarin kowane biya a lokaci ɗaya, layin saƙonni zai yi amfani.

A nan masu neman aiki da dama kan yi tuntuɓe ta fuska biyu. Wani ya cika labarinsa da “ni” har a rasa inda sauran ma'aikatan suke, wani kuma, saboda kunya da tarbiyyar ƙin yabon kai, ya ɓuya a bayan “mu” har a kasa gane abin da shi ya yi. Ita ta raba su a fili: ni na tsara tambayar, ni na je wurin masu lissafi, shi ya gano gibin, shi ya rubuta gyaran.

Tambayar ƙarshe ita ce yaushe za ta canza ra'ayi. Ta ce sun rubuta sharaɗin a takardar tun ranar: idan sassan da ke jiran labarin biya suka kai uku, ko kuma aikin gwada maƙalallun biya ya fara cin fiye da awa ɗaya a rana, za a sake buɗe maganar. Sharaɗi na biyun ya cika bayan wata tara. Matashin ne ya lura, ya ɗauko takardar, ya kira taron, kuma a wannan karon shi ya tsara manhajar da ke tambayar banki matsayin kowane maƙalallen biya ba tare da an jira safiya ba.