Ɗigo Ɗaya a Hoton Waya

Mu da muke koyon fiyano daga waya, ba kasafai muke riƙe littafin kiɗa a hannu ba. Hoto ne ke zuwa mana. Wani ya buɗe littafinsa a wani gari, ya ɗauki shafi guda, ya tura, wani ya sake turawa, har ya iso gare mu da inuwar yatsan mai ɗauka a gefe. A irin wannan hoto da yawa daga cikinmu suka fara ganin "Arabesque", ɗan gajeren kiɗa na biyu a cikin darussa 25 da Friedrich Burgmüller, Bajamushen da ya zauna a Faris, ya rubuta wa masu koyo a tsakiyar ƙarni na 19. Shafi ɗaya ne tak, shi ya sa yake yawo cikin sauƙi.

Abin da hannu ke fara yi idan hoton ya buɗe shi ne ya ja shi da yatsu biyu, ya girmama ƙwayar farko. To a nan matsalar take. Fuskar waya ba ta ɗaukar faɗin shafi, kuma abin da ke ba kowace ƙwaya ma'anarta yana can bakin hagu da saman shafin, wato daidai wurin da ke ficewa daga ido da zarar an girmama. Don haka mun ɗauki al'adar mu bar hoton a ƙaraminsa tukuna, mu karanta gefensa kafin cikinsa.

A bakin hagu za a ga layuka biyar a sama, biyar a ƙasa, an haɗa su da wata lanƙwasa. Na sama yawanci na hannun dama ne, na ƙasa na hagu. Kowane rukuni yana da alamarsa a farko, kuma ita ce ke raɗa wa layukan suna. Mai kama da murɗaɗɗiyar igiya, idan tana wurin, layukan daga ƙasa zuwa sama su ne E, G, B, D, F. Mai kama da kunne da ɗigo biyu a gabanta kuwa, layukanta G, B, D, F, A ne. Ƙwayar da ke zaune a fili na biyu A ce a rukunin sama, amma C ce a na ƙasa. Wuri ɗaya, suna biyu. Idan mai ɗaukar hoto ya datse bakin hagu, to ya tafi da mabuɗin ɗakin, kuma gara a roƙe shi ya sake ɗauka da a yi ta cinta.

Bayan wannan alama, a wasu shafukan akan ga tarin alamomin ♯ ko ♭, masu cewa wata ƙwaya za a riƙa ɗaga ta ko sauke ta har ƙarshen kiɗan. A "Arabesque" wurin wayam yake, abin da ke faranta wa mai koyo rai, don yana nufin fararen maɓallai ne za su yi yawancin aikin. Sai dai a cikin shafin akwai G da aka sa wa ♯ a gabanta, kuma dokar irin wannan alama ita ce tana aiki a kan wannan ƙwaya har zuwa sandar da ta rufe gidan. Wanda ya girmama hoto har rabin gida ya ɓace masa zai iya ganin G ba tare da ya ga alamar da ta riga ta ba. Saboda haka kada girmamawa ta wuce inda ake ganin sanduna biyu, ta farkon gida da ta ƙarshensa.

Gida, a bakinmu, shi ne abin da ke tsakanin sanda da sanda. Lambobi biyu da ke tsaye a farkon shafin, 2 a kan 4, suna cewa kowane gida bugu biyu ne, kuma ƙwaya baƙa mai sanda ba tuta ita ce bugu ɗaya. Mai tuta ɗaya rabin bugu ce, mai tuta biyu kwata. Idan ƙwayoyi suka jeru, tutocin sukan zama katako a kwance da ke haɗa su. Wannan ɗan lissafi shi ne babban abokin mai karatu daga hoto, domin hoto na iya yin ƙarya amma jimilla ba ta yi.

Ga yadda yake aiki. Kiɗan yana buɗewa da hannun hagu shi kaɗai, yana buga A, C da E tare, sau biyu a kowane gida, kuma kowane bugu yana da ɗan ɗigo. A rubutun kiɗa ɗigo iri biyu ne masu kama da juna kamar tagwaye, amma aikinsu kishiyoyi ne. Wanda ke gefen dama na ƙwaya yana ƙara mata rabin tsawonta. Wanda ke samanta ko ƙarƙashinta kuwa yana cewa a taɓa a ɗauke hannu, kamar mai gwada zafin tukunya. A takarda bambancin a fili yake. A hoton da aka ɗauka a karkace, aka matse shi sau uku a hanya, ɗigon yakan zauna a wani wuri tsaka-tsaki da ba sama ba, ba gefe ba. Sai mu ƙirga. In na ƙari ne, kowace ƙwaya ta zama bugu ɗaya da rabi, biyu sun zama uku, gidan kuwa biyu yake ɗauka. Ashe na taɓa-ka-ɗauke ne. Can a tsakiyar shafin, inda hannun dama ke riƙe doguwar ƙwaya mai ɗigo sannan mai tuta ɗaya ta biyo ta, lissafin ya juya: ɗaya da rabi, a ƙara rabi, biyu cif. Wannan ɗigon na ƙari ne.

Haka ake yi da katako. A gida na uku, inda hannun dama ke shigowa, akwai ƙwayoyi huɗu a ƙarƙashin katako biyu, sai guda mai tuta ɗaya, sai alamar shiru ta rabin bugu. Kwata huɗu bugu ɗaya, rabi da rabi wani bugun. Idan hoton ya narkar da katakon biyu suka zama ɗaya mai kauri, jimillar za ta fita uku, kuma nan take mun san ido ne aka yaudara. Abin da lissafi ba ya iya gyarawa shi ne lanƙwasar takarda kusa da ɗinkin littafi, inda layuka ke gangarawa har ƙwayar da ke kan layi ta yi kamar tana fili. A nan sai a bi layin da ido daga inda yake miƙe, a hankali, har zuwa ƙwayar. In da hali, a ce wa mai littafin ya danne shafin, ya ɗauka daga sama tsaye da hasken rana, ya tura shi a matsayin fayil, don tura shi haka ba ya cinye ƙananan ɗigo.

Yanzu kalmomin. A saman shafin an rubuta Allegro scherzando. Italiyanci ne, kamar yawancin kalmomin da ke shafukan kiɗa, ko da marubucin ba ɗan Italiya ba ne. Allegro asalinta fara'a, a kiɗa kuma tana nufin sauri mai rai. Scherzando na nufin cikin wasa, cikin zolaya. Kusa da su a bugu da yawa akwai ƙwaya baƙa da lamba 152, ma'ana bugu 152 a minti ɗaya. A yi lissafi a ga abin da ake nema: ƙwaya huɗu a kowane bugu, 608 ke nan a minti, sama da goma a daƙiƙa. Babu mai koyon wata uku da yatsunsa za su kai nan, kuma ba don ranar farko aka rubuta lambar ba. Mukan sa manhajar ƙirga bugu a 60, bugu ɗaya a daƙiƙa, mu tsaya nan har ƙwayoyin huɗu su fito daidai wa daida, sannan mu ƙara huɗu ko shida. Alamar cewa an yi gaggawar ƙari ba ta ɓuya: hannun hagu zai fara jiran na dama, ko ƙwayoyin tsakiya su dunƙule su zama ɗaya. A ganinmu kalma ta biyu ta fi lambar muhimmanci ga mai koyo. Ana iya yin zolaya a 80. Ana kuma iya kai 152 kiɗan ya fito kamar injin niƙa.

Alamomin ƙarfin sauti suna zama a tsakanin rukunan layukan biyu, ƙanana, a karkace. Harafin p na farkon shafin daga piano yake, wato a tausashe, f kuma daga forte, da ƙarfi. Daga waɗannan kalmomi biyu kayan kiɗan kansa ya samo suna, domin maɓallansa suna amsa nauyin yatsa. Ba su da ma'auni kamar lambar sauri. Tausasawar tana da ma'ana ne kawai idan aka gwada ta da ƙarfin da zai zo, shi ya sa yake da kyau a leƙa shafin gaba ɗaya a ga inda f take kafin a yanke shawarar yadda p za ta kasance. Wanda ya fara da ƙarfi, idan ya iso cresc., mai cewa a riƙa ƙarawa sannu a hankali, ba shi da sauran abin ƙarawa. Kusa da shigowar hannun dama akwai leggiero, wato sakayau, ba nauyi. Ita kuwa sf ta ƙwaya ɗaya ce kawai, a zabura a kanta a koma yadda ake.

Wurin da ya fi koyar da mu a shafin nan shi ne ƙarshen sashen tsakiya, inda aka rubuta dim. e poco rall. Umarni biyu ne a jere: a rage ƙarfi, kuma a ɗan rage sauri. Tunda sai da aka faɗi kowanne daban, ashe ɗaya ba ya jawo ɗaya. Jikin mai koyo kuwa haɗa su yake yi da kansa: ya ga f ya ruga, ya ga p ya ja ƙafa. Mai kiɗan kalangu ya san wannan ba tare da takarda ba, yana iya sassauta hannu bugun bai motsa ba. A nan kaɗai, sai kuma wurin riƙe sautin ƙarshe, aka ba da izinin sakin lokaci, kuma kalmar poco ta ce kaɗan. Nan da nan in tempo ta biyo baya ta mayar da saurin farko.

Akwai abu ɗaya da ba laifin hoto ba ne, ba kuma na yatsu ba. Ƙananan kibod masu araha da yawa ba sa jin nauyin hannu: a danna a hankali ko a doka, sauti ɗaya ne. Wasu suna da maɓalli mai suna Touch da sai an kunna. A gwada kafin a zargi kai. In babu shi, ɗigon taɓa-ka-ɗauke da saurin duk za su fito, amma p da f sai dai a riƙa yin su da hannu ko ba a ji, har ranar da aka zauna gaban wanda ke amsawa.

Sauran abin lura shi ne sanda mai kauri da ɗigo biyu a gefenta, mai cewa a maimaita, da gidajen da aka rubuta wa 1 da 2 a sama: zagayen farko a bi ta 1, na biyu a tsallake shi a faɗa 2. Waɗannan suna yawan faɗawa a bakin dama na shafi, ɗaya gefen da masu ɗaukar hoto ke datsewa. Mukan kwafe su da duk kalmomin a wata takarda, da lambar gidan kowacce, mu jingina ta kusa da wayar. Idan fuskar ta mutu ana tsakiyar bugu, takardar tana nan.